Yadda Ake Mayar da Manhajar Kwas Jadawalin Mako-Mako

Shekarar da aka fara ba ni kwas ni kaɗai, takarda ɗaya aka miƙo mini: sunan kwas, yunit 2, batutuwa goma sha biyu a jere, sai rabon maki a ƙasa. Na ƙirga makonnin zango na ga goma sha biyar, na ce ai da sarari, batu ɗaya kowane mako har da rara. Ranar da aka liƙa jadawalin jarrabawa ina kan batu na takwas. Sauran huɗun na sheƙa su a zama biyu, ɗalibai suna rubutu ba sa ɗago kai, kuma a takardun amsarsu na ga abin da hakan ya haifar. Ban yi fashin lakca ko sau ɗaya ba a zangon nan. Kuskurena ɗaya ne: na raba batutuwa a kan makonnin da ke rubuce a kalanda, ban ƙirga awoyin da za su zo hannuna da gaske ba.

Manhaja tana gaya maka abin da za a koyar. Ba ta san ranar Sallah ba, ba ta san yawan ɗalibanka ba, ba ta san kwana nawa makin jinga zai ci maka ba. Jadawalin mako-mako shi ne wurin da ake sasanta manhaja da waɗannan abubuwa. Zan bi aikin da kwas ɗaya daga farko har ƙarshe: Adabin Baka na Hausa, yunit 2, ɗalibai 120, lakca kowace Litinin daga ƙarfe 10 zuwa 12 na rana. Mu ɗauka zangon ya fara ranar Litinin 3 ga Fabrairu 2025, aka shiga jarrabawa 19 ga Mayu. Na zaɓi wannan tsakani ne da gangan, domin azumi da ƙaramar Sallah da Ista duk sun faɗo a cikinsa.

Ka fara da kalanda, ka ajiye manhaja tukuna

Abu uku za ka ajiye a gabanka: kalandar karatu da majalisar malaman jami'a ta amince da ita, jadawalin lakca na sashe, da kalandar shekara mai nuna ranakun hutu. Ka rubuta ranar kowace haɗuwa a jere, ɗaya bayan ɗaya. A misalinmu Litinin goma sha biyar ce: 3, 10, 17, 24 ga Fabrairu, 3, 10, 17, 24, 31 ga Maris, 7, 14, 21, 28 ga Afrilu, 5 da 12 ga Mayu.

A tsarin da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta shimfiɗa, yunit ɗaya daidai yake da lakcar awa ɗaya a mako har tsawon mako goma sha biyar. Kwas mai yunit 2 ke nan yana da awa 30 a takarda. Daga nan sai a fara cirewa.

Ƙaramar Sallah ta 2025 ta kama Lahadi 30 ga Maris, gwamnati ta ba da hutun Litinin 31 ga Maris da Talata 1 ga Afrilu. Litinin ɗin Ista kuma ta kama 21 ga Afrilu. Haɗuwa biyu sun tafi, awa huɗu, saura 26. A lokacin da kake tsara jadawali ba za ka san ainihin ranar Sallah ba, tunda sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, gwamnati ma sai kwanaki kaɗan kafin ranar take ayyana hutu. Abin yi shi ne ka duba ranakun biyun da za ta iya kamawa. In ɗaya daga ciki ta taɓa ranar lakcarka ko ta maƙwabce ta, ka ɗauka makon ya tafi. In daga baya ya tsira, riba ce.

Makon farko ma ba naka ba ne. Rabin aji suna layin rajista, wasu ba su dawo daga gida ba, wani lokaci ma sai ka tarar ɗakin da aka ba ka da wani malamin a ciki. Ka shiga, ka gabatar da kanka, ka raba jadawalin, amma kada ka ɗora wa ranar batun da zai fito a jarrabawa. Saura 24. Makon ƙarshe na bita ne, saura 22. Sai ka ware mako ɗaya cur babu komai a cikinsa, ka ajiye shi don ranar da taron sashe ko rashin lafiya ko ruwan sama zai cinye maka lakca. Saura 20. Gwajin tsakiyar zango zai ci awa ɗaya, mayar wa ɗalibai jingarsu da yi musu bayanin kura-kuransu zai ci wata. Abin da ya rage na koyarwa zalla awa 18 ne.

Talatin ta koma goma sha takwas, kuma har yanzu ba a yi yajin aiki ba. Wannan lamba ita ce jarinka, ka rubuta ta a saman takarda.

Auna nauyin batutuwa

Yanzu sai a buɗe manhaja. Batutuwanta goma sha biyu su ne: ma'anar adabi da rabe-rabensa, siffofin adabin baka, tatsuniya, almara da hikaya da ƙissa da tarihihi, karin magana, kirari da take da habaici da zambo, kacici-kacici da salon magana, waƙoƙin makaɗan fada, makaɗan jama'a da na sana'a, waƙoƙin mata da na yara, wasannin gargajiya, sai dabarun tattara adabin baka.

A takarda kowanne layi ɗaya ya ci, shi ya sa ido yake ganin kamar nauyinsu ɗaya. Ba ɗaya ba ne. Ni tambaya biyu nake yi wa kowane batu. Ta farko, me nake so ɗalibi ya iya yi bayan an gama, ya faɗi ma'ana ne kawai ko ya yi nazari da kansa? Ta biyu, batutuwa nawa ne a gaba suka jingina da wannan? Batun da ake neman ma'ana da misali kaɗai awa ɗaya ta ishe shi. Wanda ake so ɗalibi ya ɗauki matani ya feɗe shi yana buƙatar awa biyu, ɗaya ta bayani ɗaya ta gwadawa a aji. Wanda kuma babbar jinga ta rataya a kansa sai a ƙara masa ta uku.

Da wannan ma'auni tatsuniya ta samu awa uku, domin a kanta ne ɗalibai za su fara koyon fitar da jigo da zubi da taurari, kuma ita za su je su ɗauko a gida. Karin magana biyu. Kirari da 'yan'uwansa biyu. Makaɗan fada biyu. Dabarun tattarawa biyu. Sauran bakwai ɗin awa ɗaya-ɗaya. In ka haɗa, uku da takwas da bakwai, 18 cif.

Ba a karon farko lissafin yake dacewa ba. Ni ma da na fara, 19 na samu, domin na so in ba wasannin gargajiya awa biyu. Abin da bai kamata ba a nan shi ne ka ciro awar daga makon ajiya ko na bita, ka ce Allah zai rufa asiri. A cikin batutuwan za ka yanke. Na rage wa wasanni awa ɗaya, na mayar da ita ƙaramar jinga da ɗalibai za su yi a waje, kamar yadda za a gani nan gaba. Batun da ya yi ƙanƙanta har bai kai awa ba, ka haɗa shi da maƙwabcinsa ko ka mayar da shi karatun gida. Amma kada ka goge batu daga manhaja da kanka. Sashe ne ya amince da ita, kuma mai duba jarrabawa daga waje da ita zai auna tambayoyinka.

Jerin manhaja ba wajibi ba ne

Abin da ya zama dole shi ne a koyar da duka batutuwan. Jerinsu kuwa hannunka yake, kuma a nan ne jadawali mai kyau yake bambanta da manhajar da aka kwafe aka saka wa kwanan wata.

Dubi batu na goma sha biyu, dabarun tattara adabin baka. Manhaja ta ajiye shi a ƙarshe. Amma babbar jingar kwas ɗin ita ce kowane ɗalibi ya naɗo tatsuniya biyu daga bakin dattijo ko dattijuwa, ya rubuta su yadda aka faɗe su, ya yi nazarinsu. Yaushe ɗalibin da ke kwana a hostal zai zauna gaban kakarsa? Hutun Sallah. In ka bar batun a mako na sha uku, za ka koya musu yadda ake neman izini da yadda ake naɗa bayan damar ta wuce. Don haka dole ya dawo mako na takwas, Litinin 24 ga Maris, haɗuwa ta ƙarshe kafin a watse. Tatsuniya kuma ta riga shi, tana mako na uku da na huɗu.

Haka wasannin gargajiya, batu na goma sha ɗaya. A 2025 an ɗauki azumi a Najeriya ranar 1 ga Maris, goma ga wata ke nan ta kama 10 ga Maris, Litinin ɗin mako na shida, daidai lokacin da yara suke fara fitowa tashe bayan shan ruwa. Ina amfanin a yi wa ɗalibai bayanin tashe a watan Mayu, alhali a Maris yana wucewa ta ƙofar gidajensu? Na ɗauko batun na kawo shi mako na shida, na haɗa shi da waƙoƙin mata da na yara tunda sun dace, na kuma ba da jinga ta shafi ɗaya: ka kalli wasan tashe ɗaya a unguwarku, ka rubuta shigar masu yin sa, da waƙarsu, da abin da suke kwaikwayo. Awar da na rage wa batun a aji ta dawo ta wannan hanya. Ga ɗalibin da babu tashe a inda yake zaune, a ba shi zaɓin ya tambayi wanda ya yi tashe yana yaro, ko ya rubuta wani wasan dandali.

Akwai kuma jerin da bai kamata a taɓa ba. Kirari da take da zambo su ne kayan aikin makaɗin fada, sai an san su ake gane abin da yake yi a waƙa. Saboda haka suna mako na goma, makaɗan fada na bi musu baya a na sha ɗaya. Kafin ka matsar da kowane batu, ka tambayi kanka wane ne ya dogara da shi, shi kuma da wa ya dogara.

Ranar karɓar jinga daga baya ake lissafo ta

Nan ne na fi ganin malamai suna tuntuɓe, kuma nan zan fi daɗewa. Yawanci sai a zaɓi ranar bayar da jinga, a ƙara mako biyu, a ce ita ce ranar karɓa. Hanyar da ta fi ita ce ka fara daga ranar da kake son takardun su koma hannun ɗalibai da maki a kansu, ka taho da baya.

Rabon makin kwas ɗinmu shi ne 70 na jarrabawa, 30 na ayyukan cikin zango. Na raba talatin ɗin gida uku: gwaji 10, jingar tashe 5, jingar tatsuniya 15. Ita ta tatsuniyar ina so ta koma wa masu ita ranar 28 ga Afrilu, mako na sha uku, domin a samu mako uku kafin jarrabawa wanda ya kasa fitar da jigo ya gyara. Jingar da aka mayar bayan jarrabawa, ko ba a mayar ba sam, maki kawai ta tara, ba ta koyar da kowa komai ba.

To, kwana nawa makinta zai ci? Ka auna da agogo, kada ka ƙiyasta. Ni jinga mai rubutattun tatsuniyoyi biyu da nazarin shafi uku tana cin mini minti goma in zan rubuta wa ɗalibi ko da jimla biyu ne na gyara. Ɗalibai 120 sau minti goma, minti 1,200, awa 20 ke nan. In zan iya ba aikin awa biyu a rana, kwana goma nake buƙata. Kwana goma da ɗan ƙari kafin 28 ga Afrilu ya kawo mu Laraba 16 ga Afrilu. Ita ce ranar karɓa, ƙarfe 12 na rana.

Ba Litinin na sa ba, kuma da dalili. Duk ranar da aka ce a kawo jinga mai buƙatar bugawa a lokacin lakca, rabin aji suna shagon buga takardu suna jiran a kunna janareto, lakcar ranar ta mutu. Laraba ta raba jingar da lakca. Kuma ka rubuta rana da lokaci da wurin miƙawa gaba ɗaya. "Mako na sha ɗaya" ba wa'adi ba ne, domin wani zai fahimci Litinin, wani Juma'a, kuma kowa yana da gaskiyarsa.

Sai a duba ɓangaren ɗalibi, ko kwanakin sun ishe shi. Zai yi naɗin a makon Sallah. Mayar da magana rubutu aiki ne mai cin lokaci fiye da yadda wanda bai taɓa yi ba yake zato. Tatsuniyar minti biyar, in za a rubuta ta da karin harshen mai faɗa da waƙar da ke cikinta, tana iya cin awa guda ana tsayarwa ana maimaitawa. Biyu, awa biyu zuwa uku. Nazari da gyara da bugawa wata awa biyar. Daga dawowa hutu zuwa 16 ga Afrilu akwai kusan mako biyu, ya isa.

Amma akwai rami ɗaya. Ɗalibin da bai yi naɗin a hutu ba, ba zai faɗa maka ba. Zai yi shiru har dare na ƙarshe, ya kwafo tatsuniya daga littafi ya ce daga bakin gwaggonsa ya ji. Maganinsa shi ne wa'adi na tsakiya: ranar Laraba 9 ga Afrilu kowa ya tura muryar da ya naɗa ga shugaban aji, da sunan garin da ranar naɗi. Ba maki a kanta, amma ba a karɓar jingar wanda bai tura ba. A ranar za ka san su wa suka makara, kuma da sauran mako guda da za su nemi dattijo a cikin gari. Duk jingar da ta wuce mako biyu tana buƙatar irin wannan tsayawa a tsakiya.

Gwajin na sa shi mako na bakwai, 17 ga Maris, a awa ta farko, da safe kafin azumi ya fara nauyi, kuma kafin goman ƙarshe da mutane suke kwana a tsaye. Jingar tashe kuwa, tunda shafi ɗaya ce da hannu, na karya dokar da na faɗa yanzu: a aji ake karɓarta ranar 24 ga Maris. Na yi haka ne don ranar ce ɗalibai suka fi sulalewa gida da wuri, ita ce kuma ranar da ba na son kowa ya rasa. Kafin ka tsayar da waɗannan ranaku, ka tambayi malaman da kuke koyar da aji ɗaya ranakun nasu gwaje-gwajen. Ɗalibi yana iya ɗaukar har yunit 24 a zango, kuma kowa mako na bakwai yake hari.

Karatu: shafi, ba sunan littafi ba

A ƙasan manhaja akwai jerin littattafai, wani lokaci goma sha. Ba wanda yake karanta jeri. Abin da ɗalibi zai iya karantawa shi ne "Littafi A, shafi 19 zuwa 36". Ka zauna da littattafan, ka nemo shafukan da suka dace da kowane batu, ka tabbatar bugun da ke hannunka shi ne wanda ke laburare ko wanda aka yi wa hoto, domin lambobin shafi sukan sauya daga bugu zuwa bugu.

Yawan shafukan ma lissafi ne. Ni nakan ɗauka kwas mai yunit 2 yana da haƙƙin awa huɗu a mako daga lokacin ɗalibi a wajen aji. Rubutun nazari, in ana karantawa ana ɗaukar bayani, shafi takwas zuwa goma ake ci a awa. Na ba karatu awa biyu, shafi 16 zuwa 20 ke nan, sauran biyun na bita da jinga ne. A makon gwaji ko na miƙa babbar jinga, karatun ya ragu ko ya fita ɗungurungum. Kuma a jadawali karatun yana zama ne a layin ranar da ake so a zo an riga an karanta shi. Ka rubuta hakan a kan layin ƙarara, in ba haka ba rabin aji za su ɗauka bayan lakca ake nufi.

Ga yadda jadawalin ya fito. Littafi A da B da shafukansu na misali ne, kai za ka sa naka.

| Mako | Litinin | Batu | A karanto kafin aji | Aiki da wa'adi |
|---|---|---|---|---|
| 1 | 3 Fab | Gabatarwa, raba jadawali | Babu | Babu |
| 2 | 10 Fab | Ma'anar adabi. Siffofin adabin baka | A, 1–18 | Babu |
| 3 | 17 Fab | Tatsuniya: zubi da taurari | A, 19–36 | Sanar da jingar tatsuniya |
| 4 | 24 Fab | Tatsuniya: jigo; almara, hikaya, ƙissa, tarihihi | A, 37–55 | Babu |
| 5 | 3 Mar | Karin magana | A, 56–72 | Babu |
| 6 | 10 Mar | Wasannin gargajiya. Waƙoƙin mata da yara | B, 60–76 | Bayar da jingar tashe |
| 7 | 17 Mar | Gwaji. Kacici-kacici da salon magana | Babu | Gwaji, 10 na safe, maki 10 |
| 8 | 24 Mar | Dabarun tattara adabin baka | Takardar malam, shafi 6 | Karɓar jingar tashe a aji, maki 5 |
| 9 | 31 Mar | HUTUN SALLAH | Babu | Naɗar tatsuniya a gida |
| 10 | 7 Afr | Kirari, take, habaici, zambo | A, 73–88 | Tura murya, Laraba 9 Afr |
| 11 | 14 Afr | Makaɗan fada | B, 1–10 | Miƙa jinga, Laraba 16 Afr, 12 na rana, maki 15 |
| 12 | 21 Afr | HUTUN ISTA | Babu | Babu |
| 13 | 28 Afr | Makaɗan jama'a da na sana'a. Mayar da jinga | B, 21–38 | Liƙa makin cikin zango |
| 14 | 5 Mayu | Makon ajiya | Babu | Karɓar ƙorafin maki |
| 15 | 12 Mayu | Bita | Babu | Babu |

Makonnin hutu ban goge su ba, suna nan da lambarsu. In aka cire su, "mako na tara" na jadawalinka zai saɓa da na kalandar jami'a, daga nan ruɗani ya fara.

A na'ura

Takarda da biro sun isa a yi duk abin da ya gabata, amma ka shigar da shi Excel ko Google Sheets saboda abu ɗaya: kada ka buga kwanakin da hannu. Wanda ya ga yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya fara 14 ga Fabrairu ya kai 14 ga Oktoba, ya san kalanda takan zame. Ka sa lambar mako a layin tsaye na A, kwanan wata a B. A gidan B2 ka sa ranar farawa, a B3 ka sa lissafin ƙasa ka ja shi har B16:

```
B2: =DATE(2025,2,3)
B3: =B2+7
```

In aka ɗaga farawa, gida ɗaya za ka gyara, sauran su biyo. In tsakiyar zango aka tsaya, ka buga sabuwar ranar a layin makon da aka dawo, na ƙasa da shi su daidaita. Wa'adin Laraba ma ka ɗaure shi da Litinin ɗin makonsa, misali `=B12+2` na mako na sha ɗaya.

Sai dai fa ranakun hutu ba sa bin jadawalinka su matsa. In aka jinkirta farawa da mako ɗaya, Sallah ta faɗo a mako na takwas, daidai kan dabarun tattarawa, tashe kuma ya dawo mako na biyar. Don kada wannan ya shige maka, ka jera ranakun hutu a J2 zuwa J10, ka sa wannan a C2 ka ja ƙasa:

```
=IF(COUNTIF($J$2:$J$10,B2)>0,"HUTU","")
```

Duk layin da ranarsa ta ci karo da hutu zai nuna. Na'ura iyakarta ke nan, sake jera batutuwan aikinka ne.

Ɗalibai a waya za su duba, don haka ka fitar da shi PDF mai shafi ɗaya, ka buɗe a wayarka ka ga ko ana karantawa ba tare da jan allo hagu da dama ba. Ka sa kwanan watan fitarwa a samansa. In ka yi gyara, ka sauya kwanan, ka faɗi layin da ya canza lokacin da kake tura wa shugaban aji, don tsohon kwafin yana nan yana yawo a WhatsApp.

In mako ya ɓace

Bayan kowace lakca ka ɗauki minti biyu ka rubuta inda ka tsaya a gefen layin. Alamar cewa jadawali ya fara karkacewa ita ce ka ga kana cin rubu'in awar farko kana ƙarasa batun makon jiya, sau biyu a jere. Rabin awa ke nan ta tafi, kuma ba za ta dawo da kanta ba.

A ce lakcar 24 ga Fabrairu ta faɗi saboda taro. Abin da hannu yake saurin yi shi ne a tura komai gaba da mako ɗaya. A jadawalinmu hakan zai kai dabarun tattarawa bayan Sallah, jingar ta rushe. Mako na shida da na bakwai da na takwas kafaffu ne, ba sa motsi. Abin da ke motsi shi ne batun da babu wanda yake jiransa kafin hutu. Jigon tatsuniya da su almara su koma 3 ga Maris, karin magana ta tashi daga nan ta tafi makon ajiya, 5 ga Mayu, a cire ta daga cikin abin da gwaji zai taɓa, a kuma sanar da aji a ranar. In wani makon ya sake faɗuwa bayan an cinye ajiyar, sai a nemi lakcar cike gurbi a ranar da shugaban aji ya tabbatar babu wani kwas a cikinta, kuma a neme ta a cikin mako biyu, tun kafin ƙarshen zango da kowane malami yake farautar ɗaki da Asabar.